Konbolushan ya tsaya mini a wuya: amsa ga ɗalibin aji biyu

Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu a sashen injiniyan lantarki. A aji ɗaya lissafi bai wahalar da ni ba, kalkulas da darasin sakit duk na ci su ba laifi. Amma wannan kwas na sigina da sistem ya sha mini kai. In ana lakca sai in ga kamar na gane, in na koma na buɗe tambaya sai kaina ya ɗaure. Konbolushan ne ya fi ba ni wuya. Na haddace ƙa'idar, na ji ana cewa a juya sannan a ja, amma ban san dalilin juyawar ba, kuma kullum iyakokin intigiral ɗina a karkace suke fitowa. Tes ɗin da aka yi ma faɗuwa na yi. Yanzu an shiga Fourier da Laplace alhali na baya bai zauna ba, ga jarrabawa saura mako shida. Malam, don Allah ta ina zan kamo bakin zaren?

Ɗalibinka

Wa alaikumus salam, ɗalibina.

Ajiye Fourier da Laplace tukuna, ko da na mako guda ne. Ajiye intigiral ɗin ma. Samo takarda mai layi da fensir, mu fara da lambobi uku kacal, domin a sigina mai ɗigo-ɗigo ne ake ganin cikin konbolushan ƙarara. Wanda ya gan shi a nan, intigiral ba zai sake ruɗa shi ba.

Da fari sai ka san irin sistem ɗin da ake magana a kai, don ba kowanne ne konbolushan yake yi wa aiki ba. Sharaɗi biyu ne, su ne ake taƙaitawa da LTI. Na ɗaya, sistem ya zama liniya: in ka ninka abin da ka zuba masa sau uku, abin da zai fito ya ninku sau uku, in kuma ka haɗa sigina biyu ka zuba, abin da zai fito ya zama jimlar abin da kowacce za ta fitar ita kaɗai. Na biyu, kada halinsa ya canja da lokaci: in ka jinkirta abin da ka zuba da taki biyu, amsar ta fito sak yadda take, illa ita ma ta jinkirta da taki biyu.

Kada ka yarda da ganin ido wajen gwada waɗannan. Dubi y[n] = 2x[n] + 3. Kusan kowane ɗalibi zai ce liniya ne, tunda in aka zana shi miƙaƙƙen layi ake samu. To zuba masa 1, ya ba ka 5. Zuba masa 2, ya ba ka 7. Da liniya ne 10 zai bayar. Hanya mafi sauri ita ce ka zuba masa sifili: sistem liniya dole sifili ya fitar, wannan kuwa 3 yake fitarwa. Sai dai ka lura, gwajin sifili kayar da sistem kawai yake iya yi, ba ya tabbatar da shi. Ai y[n] = x[n]² ma sifili yake bayarwa in an zuba masa sifili, amma in ka ninka abin shiga sau biyu, abin fita sau huɗu yake ninkuwa. Ga sharaɗi na biyu kuma, ɗauki y[n] = n·x[n]. Liniya ne, amma zuba masa 1 a n = 0 ya fitar da sifili, zuba masa 1 ɗin nan a n = 1 ya fitar da 1. Abu ɗaya, lokaci daban, amsa daban. Ya faɗi. Duk inda ka ga n ko t tana tsaye ita kaɗai a wajen baka tana ninka sigina, ka zargi sistem ɗin.

To me waɗannan sharuɗɗa biyu suka saya mana? Abu mai girma. Akwai sigina mafi sauƙi a duniya, imfols, da ake rubutawa δ[n]: 1 ce a n = 0, sifili a ko'ina ban da nan. In ka zuba wa sistem ita, abin da ya fito shi ne h[n]. Ka ɗauka ka shiga wani ƙaton zaure da babu kowa, ka yi tafi sau ɗaya. Tafin nan take ya ƙare, amma zauren zai ci gaba da amsawa, ƙarar tana raguwa har ta mutu. Tafin shi ne imfols, amsa-kuwwar ita ce h. In ka yi tafi uku a jere, wani da ƙarfi wani a hankali, abin da kunnenka yake ji a kowane lokaci shi ne sabon tafi haɗe da ragowar amsa-kuwwar na baya da ba ta gama mutuwa ba. Konbolushan ke nan, ba daɗi ba ragi.

Bari mu sa lambobi. A ce sistem ɗinmu yana da h[0] = 4, h[1] = 2, h[2] = 1, daga nan sai sifili. Abin da za mu zuba masa kuma x[0] = 1, x[1] = 3, x[2] = 2. Wannan x ɗin ba komai ba ne illa imfols uku: mai girman 1 a n = 0, mai girman 3 a n = 1, mai girman 2 a n = 2. Ta farko za ta haifar da h yadda take, 4, 2, 1, farawa daga n = 0. Ta biyu za ta haifar da h ninki uku, wato 12, 6, 3, kuma sai a n = 1 za ta fara. Ninkawar daga sharaɗin liniya ta fito, jinkirin daga sharaɗi na biyu. Ta uku za ta ba da 8, 4, 2, farawa daga n = 2. Sai ka jera su, ka tara kowane ginshiƙi daga sama zuwa ƙasa, kuma sharaɗin liniya ne dai ya halatta maka tarawar:

```
n       0    1    2    3    4
1·h     4    2    1
3·h         12    6    3
2·h               8    4    2
y       4   14   15    7    2
```

Ka gama konbolushan, kuma ba ka juya komai ba.

Daga ina juyawar ta fito ke nan? Tsaya a kan ginshiƙin n = 2 ka dube shi da kyau. Lambobi uku ne a ciki: 1, 6, 8. Takwas ɗin daga x[2] ta zo, wadda yanzu-yanzu ta shiga, saboda haka farkon amsarta ake ji, h[0]. Shida daga x[1] ta zo, wadda ta shiga taki ɗaya da ya wuce, amsarta ta kai h[1]. Ɗaya kuwa daga x[0] ce, mafi tsufa, amsarta ta kai wutsiya, h[2]. Wato y[2] = x[0]h[2] + x[1]h[1] + x[2]h[0]. Lambar da ke cikin x tana hawa 0, 1, 2, ta cikin h tana sauka 2, 1, 0, kuma a kowane biyu-biyu jimlarsu 2 ce. Dalili a fili yake: abin da ya shiga a lokaci k, in an zo lokaci n ya yi tsufan n − k, don haka h[n − k] ce rabonsa. Sabon shiga da kan h yake haɗuwa, tsohon shiga da wutsiyarta. Wannan ita ce juyawar, kuma shi ya sa ƙa'idar take haka:

```
y[n] = Σ x[k]·h[n − k]
```

Jera layuka da juyawa a ja duk jadawali ɗaya ne. Na farko a kwance yake cika shi, na biyu a tsaye yake karanta shi.

Kafin ka bar kowace tambaya irin wannan, akwai bincike uku da ba za su ci maka minti ɗaya ba. Tsawo: in x tana da ɗigo N, h tana da M, to y tana da N + M − 1, a nan 3 + 3 − 1 = 5. Mafari: inda x ta fara a tara da inda h ta fara. Da x a n = −1 ta fara, h kuma a n = 2, to y a n = 1 za ta fara, lambobin kuwa ba za su canja ba. Ɗalibai da yawa suna samun lambobin daidai su zubar da maki a nan, don kawai ba su nuna inda n = 0 take ba. Sai jimla: jimlar x sau jimlar h dole ta zo daidai da jimlar y. A nan 6 sau 7 ya ba da 42, kuma 4 + 14 + 15 + 7 + 2 shi ma 42 ne.

Amma binciken jimla yana da makanta guda. In ka manta ba ka juya h ba, ka ja ta yadda take, abin da za ka samu shi ne 1, 5, 12, 16, 8. Tara su ka gani: 42 ne cif. Tsawon ma biyar ne. Abin da zai tona asirin wannan kuskure shi ne bakin farko da na ƙarshe. Ɗigon farko na y dole ya zama farkon x sau farkon h, wato 1 sau 4. Na ƙarshe kuma ƙarshen x sau ƙarshen h, 2 sau 1. In ka ga 1 a farko da 8 a ƙarshe, ka san ba a juya ba. Kuma in h ɗin tambayar irin wadda gabanta da bayanta ɗaya ne, kamar 1, 2, 1, ko ba ka juya ba amsa za ta fito daidai, sai ka tafi da kuskuren a aljihu har ranar jarrabawa. Don haka yi atisayenka da h mai karkata gefe guda.

In kana da kwamfuta, bayan ka yi da hannu ka tabbatar da wannan:

```python
import numpy as np
print(np.convolve([1, 3, 2], [4, 2, 1]))
```

Zai fitar da `[ 4 14 15  7  2]`. Bayan ka yi da hannu na ce, ba kafin ba. Kuma ka sani shi bai san inda n = 0 take ba, wannan aikinka ne.

Yanzu mu koma lokaci mai gudana, inda intigiral yake. Ba sabon tunani a ciki. An yanyanka x(t) ne siri-siri, kowane yanki faɗinsa dτ, tsayinsa x(τ), kowanne yana tayar da tasa ƙaramar amsa, sai tarawa ta koma intigiral:

```
y(t) = ∫ x(τ)·h(t − τ) dτ
```

Ka riƙe bambancin haruffan nan biyu da kyau, don rabin ruɗanin a nan yake. Harafin t shi ne lokacin da kake tsaye kana tambayar me ke fita. Muddin kana cikin intigiral, t lamba ce tsayayya, kamar 3 ko 7. Harafin τ shi ne lokacin da kowane yanki ya shiga, shi ne mai yawo, kuma in an gama intigiral dole ya ɓace. In ka ga τ a amsarka ta ƙarshe, akwai ɓaraka. In kuma kana zana hoto, layin kwance na τ ne, rubuta τ a jikinsa don kada hannu ya kai ka ga t.

Mu ɗauki sakit ɗin da ka riga ka sani: rezisto da kafasito a jere, ana zuba wuta a kan su biyun, ana auna abin fita a kan kafasito. A ce R = 10 kΩ, C = 100 µF. RC ya zama sakan 1 daidai, don haka h(t) = e^(−t)·u(t), inda u(t) take 1 daga t = 0 zuwa gaba, sifili kafin nan. Kafasiton kuma a fanko yake tun farko. Wannan ba ƙawa ba ce a cikin tambaya: in da sauran caji a cikinsa, zai fitar da wani abu ko an zuba masa sifili, ya koma ɗan'uwan 2x + 3 ɗin ɗazu, konbolushan shi kaɗai ba zai ba da cikakkiyar amsa ba. Abin da za mu zuba shi ne bolt 5 daga t = 0 zuwa t = 2, daga nan tushen wutar ya sauka zuwa bolt sifili yana nan a jone.

Ga maganin iyakoki. Kada ka yi cinke daga hoto. Rubuta, a kan τ, inda kowace sigina take raye. Ita x(τ) tana raye ne in τ tana tsakanin 0 da 2. Ita kuma h(t − τ) tana raye in abin da ke cikin bakanta bai gaza sifili ba, wato t − τ ≥ 0, wanda ke nufin τ ≤ t. Wannan sharaɗi ma'anarsa mai sauƙi ce: abin da bai shiga ba tukuna ba zai yi tasiri yanzu ba. Sharuɗɗa uku ke nan a hannunka: τ ≥ 0, τ ≤ 2, τ ≤ t. Iyakar ƙasa ita ce 0. Iyakar sama ita ce wadda ta fi ƙanƙanta tsakanin t da 2. Daga wannan jumla ɗaya duk yankunan suke fitowa da kansu.

In t tana ƙasa da sifili, babu wata τ da za ta kai sifili kuma ta kasa wuce t a lokaci guda, don haka y = 0. In t tana tsakanin 0 da 2, t ce ƙarama, intigiral daga 0 zuwa t. In t ta wuce 2, to 2 ce ƙarama, intigiral daga 0 zuwa 2. Abin da ke ciki a duka biyun ɗaya ne, 5·e^(−(t − τ)). Raba shi gida biyu, e^(−t) sau e^(τ), ka fitar da 5·e^(−t) waje tunda t a tsaye take. Saura intigiral na e^(τ), wanda ba mai sauƙinsa:

```
0 ≤ t ≤ 2 :  y(t) = 5·(1 − e^(−t))
t > 2     :  y(t) = 5·(e² − 1)·e^(−t)
```

Sa lambobi ka ga ko abin ya yi kama da sakit na gaske. A t = 1, kafasito ya kai bolt 3.16, kashi 63 cikin ɗari na biyar ɗin, lambar da ka sani tun darasin sakit. A t = 2 ya kai 4.32, bai kai 5 ba saboda an janye wutar kafin ya cika. A t = 3 ya sauko 1.59. Caji ne da saukewa, abin da ka taɓa warwarewa ta wata hanya, yau ka same shi ta wannan.

Kuskuren da aka fi yi shi ne barin t a iyakar sama bayan ta wuce 2. Mai yin haka zai samu 5·(1 − e^(−t)) har abada, wato kafasito yana ci gaba da hawa zuwa bolt 5 bayan wutar ta koma sifili. Hankali ma ba zai ɗauka ba, shi ya sa nake so kullum ka tambayi kanka ko amsar za ta iya faruwa a kan teburin gwaji. Wani kuskuren shi ne juya alamar da ke kan e, sai amsa ta fito tana girma ba iyaka. Rezisto da kafasito ba su da inda za su samo wannan ƙarfi.

Binciken da ya dace a nan biyu ne. A mahaɗar yankuna, sa t = 2 a duka ƙa'idodin: ta farko ta ba da 4.32, ta biyu ma 4.32. Muddin babu imfols a cikin x ko h, y ba ta tsalle, don haka in mahaɗa ba ta haɗu ba, iyaka ce ta karkace. Na biyu shi ne ɗan'uwan binciken jimla: filin da ke ƙarƙashin x sau filin da ke ƙarƙashin h ya zama filin y. Na x 5 sau 2 ne, 10. Na h 1 ne. Na y kuwa, yankin hawa ya ba da 5.68, yankin sauka 4.32, jimla 10.

In sigina biyun duka masu iyaka ne, abin bai canja ba, sharuɗɗan ne suke zama huɗu. Iyakar ƙasa ita ce babba a cikin na ƙasa biyu, iyakar sama ƙarama a cikin na sama biyu, in kuma ta ƙasa ta wuce ta sama amsa sifili ce. Wata dabara: tunda x da h za su iya musayar wuri amsa ba ta canja ba, juya wadda ta fi sauƙin rubutu. A misalinmu ko wacce ka juya ba matsala, amma in ɗaya murabba'i ce ɗayar kuma mai lanƙwasa, murabba'in za ka juya.

To sai Fourier da Laplace, waɗanda a ganina ana gabatar da su kamar sabon kwas alhali ci gaban wannan zancen ne. Koma kan lambobinmu na farko. Rubuta x a matsayin 1 + 3a + 2a², h kuma 4 + 2a + a², ka ninka su yadda ka saba tun sakandare. Za ka samu 4 + 14a + 15a² + 7a³ + 2a⁴. Dubi lambobin: 4, 14, 15, 7, 2. Su ne y. Harafin a yana nufin jinkirin taki ɗaya, a² jinkirin taki biyu, kuma in ka sa z^(−1) a madadin a, abin da ka rubuta shi ne tiransfom na z. Ka ga dalilin da ake cewa konbolushan a ɓangaren lokaci ninkawa ne a ɓangaren tiransfom. Binciken jimla ma daga nan ya samo asali, sa a = 1 ne kawai.

A lokaci mai gudana, sirrin yana ga e^(st). Zuba x(t) = e^(st) a cikin konbolushan, ka juya x maimakon h. Za ka samu e^(s(t − τ)), wanda ya rabu gida biyu, e^(st) ya fita waje, abin da ya rage a ciki intigiral ne na h(τ)·e^(−sτ), lamba ce da ba ruwanta da t. Wannan lambar ita ce H(s), kuma intigiral ɗin shi ne ma'anar Laplace da aka ba ka ka haddace. Wato irin wannan sigina tana ratsa sistem LTI ta fito da kamanninta, girma da kusurwa kawai suke canjawa. In ka sa s = jω, ka shiga Fourier.

A sakit ɗinmu H(s) = 1/(s + 1), don haka H(jω) = 1/(1 + jω). Zuba masa cos(t), wato ω = 1: girman H shi ne 1/√2, kimanin 0.707, kusurwa kuma −45°, sai abin fita ya zama 0.707·cos(t − 45°) bayan sakit ya daidaita. Zuba masa cos(10t): girma ya faɗo kusan 0.0995, kusurwa kusan −84°. Mai saurin kaɗawa an danne ta zuwa kashi ɗaya cikin goma, mai tafiya a hankali ta wuce da mafi yawan ƙarfinta. Dalilin yana cikin h: sakit ɗin yana tara abin da ya shiga cikin kusan sakan ɗaya da ya wuce, sigina mai saurin hawa da sauka kuwa tudunta da kwarinta suna cinye juna a cikin wannan tarawa. A nan ka yi hattara da awo. Ita ω radiyan ce a sakan, f kuma Hz, ω = 2πf. Iyakar tacewar wannan sakit ω = 1 ce, wato kimanin 0.159 Hz. In tambaya ta ba ka 50 Hz, 314 za ka sa a wurin ω, ba 50 ba.

Shi kuma s = −1 da ke mayar da ƙasan H(s) sifili, wanda ake kira fol, shi ne −1 ɗin da ke kan e^(−t). Da a +1 yake, h za ta zama e^(t), amsar da ba ta mutuwa sai girma. Maganar da ake yi cewa sistem mai bin lokaci yana da natsuwa ne in duk fol ɗinsa suna hagu, iyakar abin da take nufi ke nan: amsar imfols ta riƙa raguwa har ta ƙare.

Game da mako shidan, ga yadda zan raba maka su. Makon farko kada ka taɓa komai sai zanen sigina da konbolushan mai ɗigo-ɗigo. A zane, in an ba ka x(2 − t) ko x(2t + 1), kada ka tsaya gardamar hagu ko dama da kanka: ɗauki kowane baki na x na asali, ka daidaita abin cikin baka da shi, ka warware. In x tana raye daga 0 zuwa 2, to x(2t + 1) bakinta ɗaya yana inda 2t + 1 = 0, wato t = −0.5, ɗayan inda 2t + 1 = 2, wato t = 0.5. Mako na biyu na intigiral ne, kowace tambaya da rubutattun sharuɗɗanta na τ kafin ka zana alamar intigiral. Sauran huɗun na tiransfom ne da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, kana bin lakca a lokaci guda. Kafin ka shige su, gwada kanka a abu uku: ƙa'idar Euler, e^(jθ) = cos θ + j·sin θ, da fitar da girma da kusurwar lamba irin 1/(1 + j) ba tare da dogon tunani ba; jimlar jerin lambobi masu ninkuwa da abu ɗaya, kamar 1 + r + r² zuwa gaba; da rarraba kaso irin 1/((s + 1)(s + 2)) zuwa 1/(s + 1) − 1/(s + 2). Sau da yawa wanda ya ce Laplace ne ya kayar da shi, in aka duba takardarsa ɗaya daga cikin ukun nan ne ya yi masa ƙafa. Karanta amsar da wani ya warware kuma ba atisaye ba ne. Rufe ta, ka sake yi a farar takarda, sannan ka gwama.

Ga biyu ka fara da su yau. Na ɗaya: h[n] = (0.5)^n daga n = 0 zuwa gaba, x[n] kuma 1 ce daga n = 0 zuwa gaba. Jera layuka kamar yadda muka yi, ka fitar da ɗigo huɗu na farko. In ka samu 1, 1.5, 1.75, 1.875 kana kan hanya, sai ka nemo ƙa'idar y[n] gaba ɗaya, ka faɗi lambar da take dosa da dalilin da ba za ta wuce ta ba. Na biyu: murabba'i mai tsayi 1 daga t = 0 zuwa 2, da wani mai tsayi 1 daga t = 0 zuwa 1. Amsar za ta fara a 0 ta ƙare a 3, filinta kuma 2. Tsakanin 0 da 3 yankuna uku ne, kai za ka nemo mahaɗarsu. In ka zo ofis, taho da takardar da ka yi aikin a kai har da wuraren da ka soke, da kuma takardar tes ɗin, mu duba layin da lissafin ya fara kaucewa.

Malaminka